Yadda ake karanta zanen ruwan gida, daga mitar ruwa zuwa bakin famfo

Masu gidajen haya da masu kula da su, har da yaran da ke koyon aikin famfo, sun sha tambayata abin da za su yi da takardar nan mai cike da layuka da injiniya yake miƙa wa mai gini tare da sauran zanen gida. Yawanci a durowa take ƙarewa, sai ranar da ruwa ya ɗauke a sashe ɗaya aka rasa bawul ɗin da za a taɓa, ko aka fara fasa tayil ana neman bututu. Karanta ta ba wuya, amma tana da tsari: ana bin ruwan ne daga inda ya shigo zuwa inda ya fita, layi ɗaya bayan ɗaya, kuma a kan kowane bawul a tsaya a tambayi kai wa zai rasa ruwa idan aka rufe shi.

Zan yi misali da irin ginin da ya cika Kubwa: bene mai hawa ɗaya, sassa huɗu, biyu a ƙasa biyu a sama. Yana samun ruwan hukumar ruwa ta Abuja, wanda ke zuwa daga madatsar Usuma, yana kuma da rijiyar burtsatse. Akwai tankin ƙasa mai lita 5,000, injin tura ruwa, da tankuna biyu masu lita 2,000 kowanne a kan hasumiyar ƙarfe.

1. Haɗa kayan aiki, ka tabbatar da takardar

Kana bukatar zanen a buge a kan takarda A3, ko A1 idan ginin babba ne. Kada ka dogara da hoton waya, domin ɗigon da ke nuna haɗin bututu ƙarami ne, kuma shi ne yake fara ɓacewa. Buga kwafi biyu, ɗaya na ajiya, ɗaya wanda za ka yi wa rubutu. Sai biro kala uku, tef na awo, tocila, da alƙalamin maka wanda ruwa ba ya gogewa.  Agogon auna ƙarfin ruwa ne kawai mai ɗan tsada, ana samunsa a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, kuma ba dole ba ne a karon farko.

Duba akwatin da ke kusurwar ƙasa ta dama. Nan ne sunan aikin yake, da kwanan wata, da lambar gyara a ƙarƙashin `REV`. Idan kana da kwafi biyu masu lamba daban, na baya-bayan nan ne naka. Idan an rubuta `AS-BUILT`, an zana shi ne bayan an gama aiki, don haka ya fi kusa da abin da ke cikin bango.

Gargaɗi: idan ka ga `NTS`, zanen ba a kan ma'auni yake ba. Layin da bai wuce tsawon yatsa ba a takarda yana iya zama bututun mita ashirin. Kada ka ɗora rula a kai ka je sayen bututu. Wannan zanen yana nuna abin da ke haɗe da wane ne, da jerin da suke bi. Inda bututun ya ratsa a cikin ɗaki kuwa sai a zanen shimfiɗar gida.

2. Karanta jadawalin alamomi kafin komai

A gefen takardar akwai jadawali mai taken `LEGEND`. Kowane ofishin injiniya yana da ɗan bambanci a alamominsa, saboda haka abin da jadawalin ya faɗa shi ne hukunci, ko da ya saɓa wa abin da ka saba gani. Amma akwai waɗanda kusan ko'ina iri ɗaya ne.

Kusurwa-uku guda biyu da suka haɗa tsini a tsakiya bawul ne na buɗewa da rufewa, sau da yawa da `GV` a kusa. Da'ira mai kusurwa-uku a ciki injin tura ruwa ne, kuma tsinin yana kallon inda ruwan zai nufa. `WM` mitar ruwa ce. `NRV` bawul ne mai barin ruwa ya wuce ta fuska ɗaya kawai, ya hana shi komawa, kuma galibi akwai kibiya a jikinsa. Bawul mai sanda da ƙaramar da'ira a ƙarshenta, a bakin tanki, shi ne fulot, mai rufe kansa idan tanki ya cika. Ruwan sanyi `CWS` ne, na zafi `HWS`.

Akwai abu biyu da suka fi rikita sabon mai karatu. Na farko, layuka biyu da suka gitta juna ba lallai ne a haɗe suke ba. In akwai baƙin ɗigo a mahaɗar, bututun sun haɗu. In layi ɗaya ya yi ɗan tsalle ko ya yanke ya ci gaba, wucewa kawai ya yi. Na biyu, ba kowane layi ne bututu ba. Siririn layi mai tsinke-tsinke da ya taso daga cikin tankin sama ya sauko kan inji, a mafi yawan zane wayar lantarki ce ta makunnin da ke kashe inji idan tanki ya cika. Jadawalin zai raba maka gardama, domin wasu da irin wannan layin suke nuna ruwan zafi.

3. Nemo mashigar ruwa, ka bi ta zuwa tankin ƙasa

Ɗauki shuɗin biro ka fara daga bakin iyakar fili. A zanenmu bututun hukuma ya shigo, ya bi ta bawul, mitar ruwa, wani bawul, sannan ya miƙe zuwa tankin ƙasa ya ƙare da fulot. Bi shi da biro har can. Kada ka ɗaga hannu ka koma wani layin don ya fi jan ido. Inda ka tarar da reshe, yi masa da'ira ka wuce, za ka dawo kansa.

Sai ka koma rijiyar burtsatse. Injin da ke cikin rijiyar, wanda ake ce wa sumo, yana turo ruwa ta nasa bututun, da `NRV` da bawul a bakin rijiya, ya zuba cikin tankin ƙasa ta wata ƙofa daban. Lura da cewa ruwan biyu a cikin tanki suke haɗuwa, kowanne yana zubowa daga sama. Haka ya kamata.

Gargaɗi: idan zanen ya nuna bututun rijiya ya haɗu kai-tsaye da na hukuma, a koma wurin injiniya kafin a taɓa komai. Ranar da ruwan hukuma ya ɗauke, sumo zai tura ruwan rijiyarka cikin layin unguwa, kana ƙona wuta ko mai a banza, maƙwabta kuma suna shan ruwan da ba wanda ya gwada tsabtarsa.

4. Ƙirga ƙofofin kowane tanki

Tanki a zane akwati ne kawai, amma ƙofofinsa ne abin dubawa. Nemi huɗu: mashiga a sama, mafita a ƙasa, bututun rarar ruwa mai alamar `O/F` ɗan ƙasa da mashiga, da bututun wanke tanki mai alamar `W/O` a gindi da bawul ɗinsa a rufe. Bututun rara ya kamata ya fi na mashiga faɗi, in ba haka ba ranar da fulot ya lalace ruwa ta murfi zai fito. Kuma kada a ga bawul a kansa ko kaɗan.

Tankunanmu na sama biyu ne, an haɗa su ta ƙasa domin ruwansu ya daidaita. Duba ko kowanne yana da nasa bawul a mashiga da mafita. Idan yana da shi, za a iya wanke ɗaya ɗayan yana ba gida ruwa. Idan babu, duk ranar wanki gidan gaba ɗaya ne zai zauna ba ruwa, kuma gara a sani tun a takarda, lokacin da ƙara bawul biyu ba wani abu ba ne.

A nan ne za ka yi lissafin ajiya. A ce kowane sashe mutum 6 ne, jimla 24, kuma mu ɗauka kowa yana cin lita 120 a rana. Lita 2,880 ke nan. Tankunan sama masu lita 4,000 ba za su kai kwana ɗaya da rabi ba. Idan aka haɗa da na ƙasa, lita 9,000, za a yi kwana uku, amma fa sai akwai wutar da za ta ɗaga ruwan. Wanda ya san yadda wuta take yi a watan Maris da Afrilu ya san lissafin tankin sama ne ya fi damunsa. Kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato tan huɗu ne a kan hasumiyar nan. Kada wani ya ƙara tanki na uku a kai ba tare da injiniyan gini ya duba ba.

5. Bi layin inji zuwa sama

Canja zuwa jan biro. Daga mafitar tankin ƙasa jerin ya kamata ya kasance haka: bawul, matata, inji, `NRV`, bawul, sannan bututun da ya hau hasumiya. Bawul na gaba da na baya su ne suke ba da damar cire inji a kai gyara ba tare da an zubar da ruwan tanki ba. Kibiyar `NRV` dole ta kalli inda tsinin alamar inji yake kallo. A jikin bawul ɗin na gaske ma akwai kibiya da aka yi ta tare da ƙarfen, kuma ɗaura shi a juye kuskure ne da ake yawan yi bayan gyara: inji zai yi ta ƙara, jikinsa ya yi zafi, ko ɗigo ba zai hau ba.

Kusa da alamar inji za ka ga rubutu irin wannan:

```
Q = 2.4 m³/h   H = 25 m
```

Na farkon yana nufin lita 2,400 a awa, wato lita 40 a minti. Na biyun shi ne tsayin da injin zai iya tura wannan adadin. Raba 4,000 da 40, ka samu minti 100. Ke nan tankunan sama, daga wayam zuwa cikewa, kusan awa ɗaya da minti arba'in ne. Rubuta wannan a gefen takardarka, domin shi ne ma'aunin da za ka gane lafiyar injin da shi nan gaba.

Gargaɗi: duba abin da ke bakin tankin sama. Idan fulot ne mai rufe bututu kuma babu makunnin da zai kashe inji, tanki na cika injin zai ci gaba da turawa a kan rufaffiyar ƙofa har ya lalace.

6. Koma kan reshen da ka yi wa da'ira

Wannan mataki ne da na fi so mai karatu ya daɗe a kansa, domin a nan matsalar da ta fi ɓoyuwa take. A zanenmu, bayan mitar ruwa, wani gajeren layi ya balle daga bututun hukuma ya je ya haɗu da bututun da ke hawa sama, a gaban inji. Shi ne baifas. Amfaninsa shi ne idan ruwan hukuma ya zo da ƙarfi, musamman da dare, a buɗe shi ruwa ya hau tankin sama da kansa ba tare da inji ba. A kan bawul ɗinsa an rubuta `NC`, ma'ana a rufe yake zama. `NO` kuma na wanda yake zama a buɗe ne.

Ga abin da ke faruwa idan aka manta da shi a buɗe. Mai kula da gida ya kunna inji da safe. An yi awa uku, kusan ninki biyu na minti 100 ɗin nan, makunnin sama bai kashe shi ba, 'yan bene suna cewa shawa ba ƙarfi. Abin da kowa zai fara cewa shi ne inji ya mutu, a sayo sabo. Kafin nan, ɗora yatsa a kan zanen ka bi ruwan daga bakin inji. Ya wuce `NRV`, ya wuce bawul, ya iso mahaɗa. Hanya ɗaya hawa ce ta kusan mita goma sha ɗaya. Ɗayar kuwa, ta baifas, a kwance take, kuma tana kaiwa ga bututun hukuma wanda ya ƙare a fulot ɗin tankin ƙasa. Inji ya ja ruwa, tanki ya ɗan sauka, fulot ya buɗe, ruwan ya bi hanya mai sauƙi ya koma inda ya fito. Zagaye kawai yake yi.

Tabbatar da wannan ba ya bukatar kwance komai. Ka kashe sumo, ka rufe bawul ɗin da ke bayan mitar ruwa, ka bar inji yana aiki, ka buɗe murfin tankin ƙasa ka haska tocila. Idan ruwa yana zubowa ta bakin fulot alhali babu mai kawo shi daga waje, ruwan injinka ne yake dawowa. Za ka kuma ga ruwan tankin ba ya raguwa yadda ya kamata. Rufe baifas, zubar ta tsaya, ka ji bututun hawa ya ɗauki sanyi da ɗan kaɗawa a tafin hannu. Idan ka rufe shi amma zubar ba ta tsaya ba, bawul ɗin ne ya ci, shi za a canja. A ganina duk zanen da ya zo da baifas babu `NRV` a kansa bai cika ba, kuma kuɗin wannan ƙaramin bawul ba ya ko kusa da na sabon inji.

7. Sauko da ruwan zuwa kowane sashe

Da biro na uku, fara daga mafitar tankunan sama. Bututu mai kauri ya fito, ya rabu huɗu, kowane reshe da bawul ɗinsa. Za ka ga gajerun rubutu a inda bututu ya ratsa daɓen bene: `F/A` ya zo daga sama, `T/B` zai sauka ƙasa, `F/B` ya zo daga ƙasa, `T/A` zai hau sama. Inda babu kibiya, girman bututu zai nuna maka hanya, domin a wannan ɓangaren bututu yana sirancewa ne yayin da yake nisa da tanki, kamar rassan bishiya daga gindi zuwa ganye: 50, sai 32, sai 25, sai 20 a bakin famfo.

A kula da lambobin nan wajen saye. Koren bututun `PPR`, wanda ake haɗawa da zafi, da faɗinsa na waje ake kiransa. Mai lamba 20 shi ne rabin inci, 25 inci uku bisa huɗu, 32 inci ɗaya, 50 inci ɗaya da rabi. Amma idan zanen ya ce `DN25`, inci ɗaya yake nufi, wato `PPR` mai lamba 32. Wanda ya ga 25 ya je Dei-Dei ya sayo mai lamba 25 ya rage wa layin girma da mataki guda, kuma sai an rufe bango za a ji a shawa.

Yanzu ɗauki bawul ɗaya bayan ɗaya, ka rufe shi da ɗan yatsa a kan takarda, ka duba abin da ya rage a bayansa. Rubuta amsar a gefe: wannan na sashe na 3 ne gaba ɗaya, wannan na banɗakin babban ɗaki ne kawai. Idan ka tarar da banɗakin da ba za a iya tsayar masa da ruwa ba sai an rufe na gidan duka, ka sa masa alama. Layin hita ma haka za ka bi shi: ruwan sanyi ya shiga ta bawul da bawul ɗin kariya, na zafi ya fita zuwa shawa. Ɗan ɗigon da bawul ɗin kariya yake yi lokacin da hita ke dumama ruwa aikinsa ne, kada a toshe shi.

8. Lissafa ƙarfin ruwa daga tsayi

Zanen yana ɗauke da lambobin tsayi, irin su `+3.30` a daɓen bene da `+9.00` a gindin tanki. Ƙa'idar ita ce kowace mita 10 ta tsayi tana ba da ƙarfin ruwa kusan `1 bar`, kamar yadda ake rubutawa a fuskar agogo. Kan shawar bene yana mita 2.1 sama da daɓe, wato 5.4 daga ƙasa. Cire shi daga 9, saura mita 3.6, kusan `0.35 bar` ke nan lokacin da tanki ya kusa ƙarewa. Shawar ƙasa kuwa tana da mita 6.9, kusan ninki biyu. Wannan kafin a cire abin da gwiwoyi da tsawon bututu suke ci.

Saboda haka idan 'yan bene suna kuka da rashin ƙarfi 'yan ƙasa ba sa yi, kuma haka abin yake tun ranar farko, ba toshewa ba ce. Ƙara girman tanki ba zai magance ta ba, domin ƙarfin daga tsayi yake zuwa, ba daga yawan lita ba. Ko a ɗaga hasumiya, ko a sa ƙaramin injin ƙara ƙarfi a layin bene. Idan kuwa da can da ƙarfi daga baya ya ragu, sai a duba matatar kan shawa, bawul da aka bari rabi a buɗe, ko iska da ta shiga bututu bayan tanki ya ƙare.

9. Fita da takardar ka gwada ta da ginin

Masu aiki suna canja hanya a wurin gini, ba kuma kullum ake mayar da canjin a takarda ba. Zaɓi lokacin da tankin sama yake cike, ka sanar da masu haya, ka sami mutum ɗaya da zai tsaya a ciki da waya. Rufe bawul ɗin da zanen ya ce na sashe na 1 ne, shi kuma ya buɗe famfon kicin da na banɗaki a can. A jira minti ɗaya ko biyu, saboda ruwan da ya rage a bututu zai ci gaba da zuba kafin ya tsaya. Idan ya tsaya, a leƙa sauran sassan a tabbatar nasu yana zuwa. Sannan ka rubuta lambar sashen da maka a jikin bututun, ka buɗe, ka wuce na gaba.

Bawul mai hannu miƙaƙƙe a buɗe yake idan hannun ya bi tsawon bututu, a rufe idan ya gitta shi. Mai kan da'ira kuwa ana juya shi dama ne a rufe. Idan tsoho ne ya ƙi juyawa, kada a sa masa sifana da ƙarfi, sandar cikinsa tana iya karyewa ya maƙale a rufe. A bar shi, a rubuta shi cikin waɗanda za a canja ranar da aka sauke ruwan tanki.

Duk inda gini ya saɓa wa takarda, gyara kwafinka da jan biro ka sa kwanan wata. Sai a lulluɓe shi da leda a manna a ɗakin inji, a ba mai kula da gida wani kwafin, a kuma rataya wa bawul ɗin baifas ɗan allo mai cewa a rufe shi kafin a kunna inji.